Jan Fenti a Bango: Takardar Fili Daban, Izinin Gini Daban

Duk mai yawo a sababbin unguwannin Kano ya saba ganin katangar da aka zabga wa jan fenti, an rubuta a dakatar da aiki. Ma'aikatan KNUPDA ne, hukumar tsara birane ta jihar, suka zo wucewa. Da yawa daga masu irin waɗannan gine-gine sukan rantse cewa takardunsu sun cika, su ɗauko shaidar mallaka su nuna. Gaskiyarsu, filin nasu ne. Sai dai takardar mallaka ba ta ce a kafa ko bulo ɗaya ba.

Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filayen birni amana ce a hannun gwamna, kuma kowane fuloti da abin da aka ware shi dominsa: gidan zama, kasuwanci, masana'anta ko makaranta. Dokar tsara birane ta 1992 kuwa ta wajabta neman izini kafin a fara gini.

A ɗauki magidancin da ya sayi fuloti a unguwar zama, yana son gida da shaguna uku a gaba. Zai kai wa hukuma shaidar mallaka, da zanen mai tsara gini, da na injiniya mai nuna zurfin tushe da kaurin rodi idan bene ne, ya biya kuɗi, jami'ai su zo duba wurin. Abin da suke aunawa shi ne tazarar ginin da titi, da ko ya hau magudanar ruwa ko ya shiga ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Shagunan nan kuma sai ya nemi canjin manufar fili tukuna, matakin da mutane suka fi tsallakewa saboda ganin maƙwabci ya yi an ƙyale shi.

Idan ya yi gaban kansa, takardar dakatarwa ce farko, sai wa'adi, sai katafila. Ginin da aka rushe don rashin izini ba a biyan diyyarsa.

Asarar kuɗi ma da sauƙi. A daminar 2022 ruwa ya mamaye Kantin Kwari ya lalata atamfofi da shaddodi, 'yan kasuwa suka ɗora laifin a kan shagunan da aka gina bisa hanyar ruwa. A Ikoyi ta Legas kuwa, ranar 1 ga Nuwamba 2021, bene mai hawa 21 ya rufta ya kashe mutum sama da 40, alhali jami'an jihar sun ce hawa 15 aka amince a yi. Galibin mamatan leburori ne da magina masu neman na abinci.

Don haka mai shirin sayen gida ko shago, kafin ya miƙa kuɗi, ya nemi dillali ya nuna masa zanen da ke ɗauke da hatimin hukuma, ya ƙirga hawa da ɗakuna ya ga ko sun dace da abin da ke tsaye a ƙasa.