Kafin alƙalami kafin kujera: kama layi a shagon kwalliya ta intanet

A shagon kitso da kwalliya, lokaci shi ne jari. Kitson da ake ƙara wa gashin kanti zai iya cin awa huɗu. Idan wadda ta ce za ta zo ƙarfe goma ba ta zo ba, rabin yini ya tafi, kuma an riga an sallami wasu da "yau ba wuri". Wannan asarar ce manhajar kama layi take son toshewa. Masu shafin WordPress sukan ɗora Amelia ko Bookly, wasu kuma su maƙala maballin Fresha ko Setmore a shafinsu.

Ɗora manhajar ba wuya. Aikin yana wajen gaya mata gaskiyar shagon: kowane aiki minti nawa yake ci, wace ma'aikaciya ce ta iya shi, ƙarfe nawa ake tashi salla, ranar Juma'a yaushe ake rufewa. Lallen amarya ba zanen hannu kaɗai ba ne, akwai jiran bushewa. A kuma bar minti 15 tsakanin mai tashi da mai zama don share gashi da wanke kayan aiki. Wadda ta rubuta awa uku a aikin awa huɗu za ta ga mutane sun taru a benci kamar ba a yi komai ba.

Sai kafin alƙalami, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan tsarin. Mu ɗauka kitso na naira 20,000 ne, mai shago ta yanke a fara biyan kashi 30 cikin ɗari, wato 6,000. Mai son kitso ta zaɓi Asabar ƙarfe goma. Manhaja ta riƙe mata wurin na ɗan lokaci, a ce minti 15, ta tura ta wajen biya da kati ko taransifa ta kamfani irin Paystack ko Flutterwave. Da kuɗin sun shiga, kamfanin zai aika wa shafin saƙon tabbaci kai tsaye. A Paystack sunansa `charge.success`. Wannan saƙon ne kaɗai ya kamata ya tabbatar da layi. Kada a dogara da hoton rasit da aka turo ta WhatsApp, domin ana ƙirƙirar na bogi. Idan minti 15 suka wuce shiru, wurin ya koma kasuwa. Alamar cewa wannan haɗin ya lalace a fili take: kuɗi sun shiga asusu amma layin yana nan a matsayin mai jira, har wata ta zo ta kama lokaci ɗaya.

Soke layi shi ne inda ake samun saɓani da mutane, don haka a rubuta ƙa'idar da Hausa mai sauƙi a saman maballin biya. Misali: wadda ta soke kwana biyu kafin ranar za a mayar mata da kuɗinta, wadda ta soke a ƙasa da haka za ta iya ɗaga ranar sau ɗaya, wadda ba ta zo ba kuma ba ta faɗa ba, kafin alƙalaminta ya tafi. Mai shago ta sani cewa kamfanin biya yana cire ladansa daga kowane ciniki, kuma galibi ba ya dawo da shi idan aka mayar da kuɗi, shi ya sa ɗaga rana ya fi mata sauƙi. Amma a bar wa mutum damar yin afuwa da hannunsa. Manhaja ba ta san an yi rasuwa ko an ɗaga biki ba. Idan kuma shagon ne ya saɓa, a mayar da kuɗin cif.

Tunatarwa biyu sun wadatar. Ta farko ta isa tun lokacin sokewa kyauta bai wuce ba, wato kwana uku kafin ranar a misalinmu, ta biyu da safiyar ranar. Kowace ta ɗauki rana, lokaci, sauran kuɗin da za a cika, nan 14,000, da inda za a latsa a soke. Imel ba kowa ke buɗewa ba. Saƙon tes kuwa a Najeriya yana iya maƙalewa idan mai layin ta tura `STOP` zuwa 2442 don toshe tallace-tallace, sai an nemi kamfanin saƙon ya bi da shi ta hanyar saƙonnin ciniki. WhatsApp na kasuwanci yana buƙatar amincewar mai karɓa da samfurin saƙon da Meta ta yarda da shi.

Kafin a buɗe wa jama'a, a duba agogon shafin. Sabon WordPress yana zuwa ne a kan `UTC`, Najeriya da Nijar kuwa suna gaba da awa ɗaya, sai a zaɓi Lagos ko Niamey a saituna. Daga nan mai shago ta kama layi da wayarta, ta biya, ta jira saƙo, ta soke, ta ga ko kuɗin sun dawo. Duk wadda ta kira waya ko ta shigo da ƙafa, ita ma a shigar da ita cikin wannan kalandar nan take.