Daga Mita 50 Zuwa Saman Da'ira

A wuraren shaƙatawa akwai jirgin wasa mai gangarowa daga tudu ya shiga da'irar ƙarfe, mutane kai a ƙasa suna ihu. Malaman kimiyya na son wannan misali, ɗalibai kuwa a nan suke tuntuɓe.

A ce da'irar na da faɗin mita 40, wato r mita 20, jirgin kuma ya taso daga tsayin mita 50, babu gogayya. Wane gudu zai yi a saman da'ira? Mai bin dokokin Newton zai sha wahala, domin hanyar na lanƙwasa, alkiblar ƙarfi na sauyawa kowane lokaci. Dokar adana makamashi ba ruwanta da lanƙwasa: tsayin da jirgi ya rasa, mita 10, shi ne ya koma gudu, v² = 2gh, kimanin mita 14 a daƙiƙa.

Amma shin zai faɗo? Nan makamashi ya yi shiru, sai a koma ga ƙarfi. A saman da'ira dole v² ta kai gr, wato 196, ita ma mita 14 a daƙiƙa. Da ƙyar jirgin ya sha. Wanda ya taso daga mita 45 zai rabu da dogo kafin ya kai sama.