Juya Bayan Yadi Ka San Asalinsa

Shaddar da 'yan kasuwa ke kira "burokad", a ilmin saƙa damas ce, sunan da ya samo asali daga birnin Dimashƙa. Zare iri biyu kawai gare ta, na tsaye da na kwance. Inda na tsaye ya hau sama haske yakan komo wa ido, inda na kwance ya hau sai wurin ya dushe, kuma wannan bambanci shi ne furen. Juya ta: furen yana nan, amma inda ke sheƙi a gaba ya dushe a baya. In bayan fili ne, to, furen bugawa aka yi. Kada kuma ƙyalli ya ruɗe ka, domin sitaci da bugu sukan ƙara shi, wanki ya rage shi.

Burokad na ainihi yana da ƙarin zare, sau da yawa na zinari ko azurfa. Shafa shi, za ka ji furen ya yi tudu, a baya kuma ga zaruruwa zube ko a yanke.

Leshi kuwa ɗaga shi ga rana. Na asali zare ne aka sarƙa, babu ƙyalle ƙarƙashinsa. Yawancin na kasuwa surfanin inji ne aka huda.