Kafin Ka Shiga Aji da Takardar Tambayoyi

Hedimasta ba zai buɗe wa baƙo aji don kawai ya nuna katin jami'a ba. Yaran amana ne a hannunsa, in wani abu ya faru shi za a tuhuma. Shi ya sa abin da zai fara tambayar mai bincike shi ne takardar izini daga sama.

Sai dai saman ba ɗaya ba ne, kuma nan mutane da yawa ke ɓata makonni. A Jihar Kano, makarantun firamare na gwamnati suna ƙarƙashin Hukumar Ilimin Bai Ɗaya, wato SUBEB, manyan sakandare suna da hukumarsu daban, haka ma kwalejojin kimiyya irin na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu. Kwalejojin tarayya kuwa na Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ne. Wasiƙar da aka kai ofishin da ba nata ba, sau da yawa kwanciya take yi a fayil, ba a ƙi ba, ba a amsa ba.

A ce ɗalibar digiri na biyu tana son auna karatun 'yan aji huɗu a Ƙaramar Hukumar Gwale. Shugaban SUBEB za ta rubuta wa, da Turanci kamar yadda aikin ofis ya saba, ta haɗa da takardar gabatarwa daga shugaban sashenta. In ta ce "ina neman izinin bincike a wasu makarantu", ba ta ba jami'in abin da zai sa wa hannu ba. Ta faɗi sunayen makarantu 6, yara 30 a kowace, jimilla 180, kowane yaro minti 10, cikin mako 2, daga rana kaza zuwa rana kaza. Ta liƙa kwafin tambayoyin, domin jami'in yana son ya gani da idonsa ko akwai abin da zai tayar da hankalin iyaye.

Sakin layin da na fi ba muhimmanci shi ne na kare yaran. Izinin hukuma ba ya maye gurbin yardar iyaye, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta nemi amincewar iyaye ko mariƙa kafin a tattara bayanan yaro. Ta bayyana yadda za ta nemi wannan yarda, da cewa lamba za ta sa a madadin suna, kuma yaron da ya ƙi ba za a matsa masa ba.

Ranar kai wasiƙar ta je da kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata ta riƙe, da shi za ta riƙa bibiya. In izini ya fito, ta fara kai shi wurin Sakataren Ilimi na Gwale kafin ta je makarantun. Ta kuma duba kalandar zango tun kafin ta rubuta ranakun, domin in suka faɗa makon jarrabawa, ko da izini a hannu ba za ta samu aji ba.