Iyakar ƙasa da iyakar sama: lissafin da ke hana sito yankewa

A ƙaramin asibiti, duk kayan da ke sito yana da katinsa, inda ake rubuta abin da ya shigo, abin da ya fita da abin da ya rage. A saman katin akwai gurabe biyu da sau da yawa ake bari babu rubutu: iyakar ƙasa da iyakar sama. Ta ƙasa ita ce adadin da bai kamata kaya su gaza shi ba tare da an nemi ƙari ba. Ta sama kuwa ita ce adadin da idan aka wuce shi, an tara abin da zai lalace kafin a yi amfani da shi. Rashin cike waɗannan gurabe ne ke sa a ce wa miji ya je kemis ya sayo safar hannu alhali matarsa tana kan gwiwa.

Ba da ka ake yanke waɗannan adadi ba. Tushensu shi ne yawan abin da asibitin ke ci a wata. Mu ɗauki misalin sirinji mai mil 5. A ce kati ya nuna an fitar da 560, sai 640, sai 600 a watanni uku da suka wuce. Idan aka haɗa aka raba uku, cin wata ya zama 600. Asibitin da ke yin oda duk bayan wata biyu yakan sa iyakar ƙasa a kayan wata biyu, ta sama a kayan wata huɗu, wato 1,200 da 2,400. Ranar oda, mai kula da sito zai ƙirga abin da ke kan kanta da hannunsa, kada ya dogara ga kati kaɗai. Idan ya sami 900, sai ya cire su daga 2,400, ya nemi 1,500, kwali 15 ke nan tunda kowane kwali na ɗauke da 100. Wata biyun nan na ƙasa su ne ke riƙe asibitin daga ranar da takarda ta tafi zuwa ranar da mota ta sauke kaya, har da rarar da za ta tare jinkiri. Asibitin ƙauyen da hanyarsa ke yankewa da damina yana da hujjar ɗaga wannan iyaka.

Inda lissafin ya fi rikicewa shi ne watan da kaya suka yanke. A ce maganin zazzaɓin cizon sauro ya ƙare na kwana 10 a cikin wata, kati ya nuna an bayar da 200. Wannan 200 ɗin na kwana 20 ne kawai, wato 10 a rana, don haka ainihin buƙatar watan 300 ce. Wanda ya ɗauki 200 a matsayin cin wata zai yi oda kaɗan, maganin ya sake yankewa, adadin ya ƙara raguwa, a yi ta tafiya a haka har a ɗauka mutanen garin sun daina zazzaɓi. A ganina wannan kuskuren ya fi ɓatan kaya yi wa marasa lafiya illa, domin a takarda komai daidai yake. Ana gane shi ne idan aka ga sifili a layin ragowar kaya, sannan kwanaki suka shuɗe ba a rubuta fitar komai ba.

Haka kuma lokaci yana canza lissafi. A Arewa zazzaɓi yana tsananta daga tsakiyar damina zuwa kaka, saboda haka cin watannin bazara ba zai yi wa Satumba awo ba. Gara a buɗe katin bara a ga abin da aka ci a daidai wannan lokacin. Kuma maganin artemether-lumefantrine yana zuwa ne kashi huɗu, mai ƙwaya 6, 12, 18 da 24, gwargwadon nauyin mara lafiya. Kowanne da katinsa da iyakokinsa.

Safar hannu tana da nata tarkon. Kwalin da aka rubuta 100 a jikinsa ƙwaya 100 ne, wato na hannu bibbiyu sau 50. Idan wani ma'aikaci yana rubuta kwali, wani yana rubuta ƙwaya, katin ya tashi daga aiki. Iyakar samanta ma ba abin wasa ba ce, don roba tana narkewa ta manne ko ta tsage idan ta daɗe a ɗaki mai rufin kwano cikin zafin Afrilu.

Ga magani kuwa, wa'adin lalacewa yana gaba da iyakar sama. Idan ana cin 50 a wata, aka kawo 400 da wa'adinsu zai cika nan da wata biyar, to 150 za su lalace a kan kanta. Tun ranar sauke kaya ya kamata a sanar da ofishin lafiya na ƙaramar hukuma, a mayar da rarar ga wani asibitin da ke buƙata, sannan a jera sauran yadda mai gajeren wa'adi zai riga fita.