Ya Farfaɗo, Amma Ba Shi Ba Ne

Idan aka shigo da ɗan acaɓa asibiti bayan kansa ya bugi kwalta, 'yan'uwa kan ce "ya suma". Wannan bai ishi likita ba, domin suma hawa-hawa ce. Shi ya sa a shekarar 1974 wasu likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa biyu na Jami'ar Glasgow, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka fito da ma'aunin da ake rubutawa GCS a katin majinyaci.

Abu uku ake dubawa. Buɗe ido na da maki 1 zuwa 4, magana 1 zuwa 5, motsin jiki 1 zuwa 6. Mai cikakken hayyaci yana da 15, wanda ko gezau ba ya yi yana da 3.

A ɗauka an kira sunan ɗan acaɓan nan bai buɗe ido ba, sai da aka matsa masa farce: maki 2. Kalmomi na fita daga bakinsa, amma ba kai ba gindi: maki 3. Da aka matse masa tsokar kafaɗa, ya ɗago hannu zai ture hannun likita: maki 5. Jimla 10 ke nan, matsakaicin rauni, wato tsakanin 9 da 12. Nas za ta riƙa maimaita gwajin akai-akai, don saukar maki ta fi makin farko ban tsoro. In ya koma 8 cikin awa guda, wataƙila jini ne ke taruwa a ƙoƙon kai. Sai a garzaya ɗaukar hoto, a kuma sa masa bututun numfashi. Giya, ƙwaya ko kumburin ido na iya rage makin ba tare da ƙwaƙwalwa ta taɓu haka ba.

To, a ce ya koma 15, an sallame shi, dangi sun yi barka. A nan ne wata wahalar ke somawa, kuma ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Gaban ƙwaƙwalwa da gefenta ne suka fi gogar ƙashi idan kai ya bugu, kuma su ke riƙe da tunani, tsara aiki da danne fushi. Sai ka ga mutum yana tuna 'yan ajinsu na firamare, amma an aike shi kasuwa ya manta saƙon. Lissafin canji na ɗaukar masa lokaci, hayaniyar tasha na rikita shi, ɗan abu kaɗan ya hau matarsa da faɗa. Gida sai a ce ya lalace, ko an yi masa sammu, alhali raunin ne.

Abin da ya fi nuna wa likita yadda tunanin zai kasance shi ne tsawon kwanakin da majinyaci ya yi yana magana amma ba ya riƙe abin da ya faru jiya. In ruɗewar ta wuce mako guda, ana sa ran matsalar za ta daɗe, kuma ya kamata a gwada tunaninsa kafin ya sake hawa babur.