Intanet Daga Sama: Gaskiya da Ƙarya a Zancen Tauraron Nesa da Na Kusa

Tun watan Janairun 2023 da Starlink ya fara aiki a Najeriya, ƙasa ta farko a Afirka da ya shiga, ake ta ce-ce-ku-ce a kansa a Kano, a shagunan kayan lantarki na titin Faransa a Sabon Gari da rumfunan waya na titin Beirut a Fagge. Wasu na cewa intanet ɗin tsofaffin taurarin ɗan Adam ya mutu murus, wasu na cewa sabon ba ruwansa da ruwan sama, akwai ma masu rantsuwa cewa da zarar ka sayi farantin ka gama biya har abada. Da yawa daga masu sauraron ba don gidajensu na birni suke tambaya ba. Suna so ne su kai wa makaranta, ko ƙaramin asibiti, ko shagon POS a ƙauyukan Doguwa da Sumaila da bakin dajin Falgore, inda sabis ɗin waya ke zuwa yana ɗaukewa. Abin da bincike ke nunawa shi ne, fifikon sabon tauraro wajen saurin amsawa gaskiya ne, amma ba shi ke yanke hukunci a ƙauye ba. Irin aikin da za a yi, da wutar da za a samu, da kuɗin wata, su ne alƙalai.

A fara da abin da babu gardama a kansa, wato nisa. Tauraron nesa, wanda ake rubuta GEO a takardun kamfanoni, yana tsaye ne kilomita 35,786 a saman layin da ya raba duniya biyu. A wannan tsayi yana kewaya duniya sau ɗaya a yini, daidai da juyawarta, shi ya sa mai kallo daga ƙasa ke ganin kamar ba ya motsi, kuma shi ya sa farantin talabijin ke kallon wuri ɗaya shekara da shekaru. NigComSat-1R na Najeriya, wanda aka harba daga China a Disambar 2011 bayan na farko ya lalace a 2008, irin wannan ne. Taurarin kusa kuwa, masu laƙabin LEO, suna ƙasa-ƙasa: na Starlink kimanin kilomita 550, na OneWeb kimanin 1,200. Tauraron Starlink yana kewaye duniya cikin minti 95 ko kusa da haka, don haka mintuna kaɗan yake yi a saman Kano ya wuce, wani ya karɓe shi.

Daga wannan nisa jinkiri ke fitowa, kuma lissafinsa ba wuya. Saƙon rediyo yana gudun kilomita 300,000 a sakan ɗaya. Idan mai POS ya danna, saƙon zai hau zuwa tauraro, ya sauko tashar ƙasa, amsa ta sake hawa, ta sauko. Tafiya huɗu ke nan, wato sama da kilomita 143,000 a tauraron nesa, kusan rabin sakan kafin a ƙara komai. A aikace yakan kai milisakan 600 ko fiye. A tauraron kusa tafiya huɗun ba ta wuce 'yan dubban kilomita ba, kuma idan an haɗa da hanyar ƙasa, amsa kan dawo cikin milisakan 30 zuwa 60 a yanayi mai kyau. Saboda haka mai cewa sabon ya ninka tsohon sau goma wajen saurin amsawa bai yi ƙarya ba. Mai sayar da farantin tauraron nesa da ya ce maka tsari mai tsada zai kawar da jinkirin, shi ne ya yi ƙarya, domin babu kuɗin da ke ƙara wa saƙon rediyo gudu.

Inda zancen ke karkacewa shi ne haɗa jinkiri da yawan abin da layi ke ɗauka. Tirela mai buhu ɗari shida takan riga babur kammala kwashe hatsi, ko da babur ya riga ta isa kasuwa. Layin tauraron nesa zai iya sauke darasin bidiyo ko littattafan makaranta lami lafiya, sai dai ya yi ɗan jim kafin ya fara. Matsalar tana bayyana ne a aikin da ke buƙatar kai-da-komo. Kafin na'ura ta aika kuɗi ta amintacciyar hanya, sai ta nemi adireshin banki, ta buɗe layi, su yi musayar makullan sirri, sannan ta aika buƙatar. A ƙaddara kai-da-komo biyar ne. A tauraron nesa sakan uku ke nan, a na kusa kuwa rubu'in sakan. Sakan uku ba zai kori mai cirar kuɗi ba, don haka maganar cewa POS ba ya aiki a tauraron nesa ba gaskiya ba ce. Amma a kiran bidiyo tsakanin ma'aikaciyar jinya a ƙauye da likita a Asibitin Murtala, jinkirin kan sa su riƙa shiga maganar juna, kowa na zaton ɗayan ya yi shiru. A irin wannan aiki tauraron kusa ya yi nasara, babu tantama.

Zance na biyu shi ne cewa tauraron kusa ne kaɗai ke kai wa lungu. Wannan ma kuskure ne. Tauraron nesa guda ɗaya yana hango kusan sulusin duniya, kuma tun kafin a san da Starlink bankuna da ofisoshin gwamnati da wasu turakun sabis na karkara a Najeriya da shi suke aiki. Bambancin yana wajen kafawa. Farantin tauraron nesa yana buƙatar gwani ya saita shi daidai kan ɗigo ɗaya a sama; daga Kano, mai neman NigComSat-1R zai fuskantar da shi gabas, ya ɗan karkata kudu. Iska mai ƙarfi ta farkon damina ta gusar da shi, sai an sake kiran gwanin daga birni. Farantin Starlink yana bin taurarinsa da kansa, amma yana son sarari mai faɗi, domin taurarin ratsa sama suke yi. Rassan darbejiya ko tankin ruwa a gefe ɗaya sun isa su riƙa yanke layi duk bayan 'yan mintuna. Alamar ke nan da ake ganewa: idan yankewar gajeriya ce kuma tana maimaituwa ko da gari garau, wani abu ne ya tare sama, kuma manhajar kamfanin tana nuna ta wane ɓangare.

Shi kuwa batun ruwan sama, babu wanda ya tsira. Dukansu suna aiki da zangon rediyo da ɗigon ruwa ke shanyewa, don haka ruwa kamar da bakin ƙwarya a watan Agusta yana raunana su ko ya yanke su na ɗan lokaci. Haka nan maganar cewa tauraron kusa ba ya cika ba gaskiya ba ce. Kowane yanki yana da iyakar abin da taurarin samansa za su ɗauka, kuma a ƙarshen 2024 Starlink ya dakatar da karɓar sababbin masu rajistar gida a Legas da Abuja saboda cunkoso. Wannan ya nuna ƙauye mai ƙarancin masu faranti ya fi cin moriyarsa a kan unguwa mai cinkoso kamar Fagge, inda dama akwai 4G.

Sai kuɗi, inda jita-jita ta fi yin ɓarna. Babu intanet na tauraro da ake biya sau ɗaya a huta. A 2024 kuɗin wata na tsarin gida na Starlink Naira 38,000 ne. A Oktoban shekarar kamfanin ya nemi kai shi 75,000, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta taka masa birki, sannan a 2025 ya koma 57,000. Farantin kansa ya tashi daga 440,000 zuwa 590,000 a 2024. Duk wanda ya san kasuwar canji ta Wapa ya san dalili: kayan waje ne, farashinsa na bin dala. Akwai kuma kuɗin da ba a faɗa a shago, wato na wuta. Babban farantin yana shan wat 75 zuwa 100. Idan makarantar ƙauye za ta kunna shi awa 12 a yini, tana buƙatar kusan wat-awa 1,200. Wannan na nufin farantan sola na wat 300 zuwa 400, da inbata, da batir mai bolt 12 da amfiya 200 idan ana son aiki bayan faɗuwar rana ko ranar hadari, tun da irin wannan batir rabinsa kawai ake sha idan ana son ya daɗe. Ƙaramin farantin da ake kira Mini bai kai rabin wannan wuta ba, amma ƙarfinsa na ɗaukar mutane da yawa bai kai na babban ba.

Wani zai ce, ai sai a raba: gida talatin su haɗa Naira 1,900 kowanne, an biya 57,000 ɗin na 2025. Lissafin daidai ne, kuma shi ne hujja mafi ƙarfi ga tauraron kusa, tun da yawancin tsare-tsaren tauraron nesa ana sayar da su ne da ma'aunin data, ana rage gudu idan an ƙetare iyaka. Amma akwai ƙaya biyu a ciki. Na'urar Wi-Fi da ke zuwa da farantin gida ɗaya take rufewa, ba gari ba, kuma katangar laka mai kauri tana cinye siginar, don haka sai an sayi ƙarin na'urorin waje an ɗora a kan turaku, su ma da wutarsu. Ta biyu, tsarin gida bai halatta sayar wa jama'a ba a ƙa'idar kamfanin, kuma sana'ar sayar da intanet tana buƙatar lasisin NCC. Wanda ya mai da shi kasuwanci sai ya koma tsarin 'yan kasuwa, wanda lissafinsa daban ne.

Wani kuma zai ce, in haka ne tauraron nesa ya gama yayi, lokaci kawai ake jira. Wannan gaggawa ce. Tauraron nesa ana ƙera shi ya yi shekara 15, na Starlink kuwa kimanin biyar, dole a yi ta harba sababbi, kuma masu rajista ne ke biyan wannan. Wajen aika abu ɗaya ga wurare da yawa a lokaci guda, kamar talabijin ko darasin da za a watsa wa makarantu ɗari, jinkirin rabin sakan ba ya cutar da kowa, kuma a nan tauraron nesa ya fi araha. Ga kuma hatsarin jingina ƙauyukan ƙasa baki ɗaya da kamfani ɗaya na waje wanda ke iya neman sauya farashi a duk lokacin da ya ga dama, kamar yadda aka gani a 2024.

Don haka kafin a ciro kuɗi a titin Faransa, a fara gwada ko eriya a kan dogon ƙarfe za ta kamo 4G daga garin da ke kusa, domin in ta kamo, ta fi duka biyun sauƙi. In ba ta kamo ba, a duba aikin. Asibitin da ke son ganin likita ta bidiyo, ko cibiyar da mutane da yawa za su yi aiki a lokaci ɗaya, tauraron kusa ya dace da su, muddin an tanadi sola da wanda zai ɗauki nauyin kuɗin wata har shekara. Wurin da buƙatarsa aika rahoto ne da POS da sauke darasi, tauraron nesa zai wadatar, sai a kwatanta farashin shekara guda na kowanne, har da na gwanin saiti da na batir, a ɗauki mai sauƙi.